Hannun Gwaggo Talatu Da Ƙwayoyin Ciyawar Teku

Gwaggo Talatu, yayar mahaifina, shekara talatin tana yi wa amaren Gashuwa zanen lalle. Za ta cika 'yar leda, ta huda bakin ledar da allura, ta ja zare daga yatsa har gwiwar hannu ba tare da ta ɗaga ba. Da wannan hannun ta ciyar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, da ni ta biyar.

Amma fa Gwaggo ba ta yarda da kowa ba. In ka gaishe ta da fara'a sai ta ce me kake nema. In maƙwabta suka aiko da tuwo, sai kaji sun fara ci ta gani. Gishirin leda kuwa bai taɓa shiga tukunyarta ba, wai ba ta san abin da aka barbaɗa masa ba da har ake tallarsa a rediyo. Gishirin mangul take saye wurin masu kawowa daga Kumagannam, irin wanda uwarta ta yi miya da shi. Uwar ta mutu da maƙoƙo, ita ma nata ya fito tun tana amarya, ya kai ƙwan agwagwa. Ta ce gado ne, ta naɗa masa gyale ta ci gaba da sana'arta.

Mutum ɗaya ne maganarsa ke shiga kunnenta ba bincike, wato ɗan autanta Munzali, mai shagon kayan waya a Nguru. Bara ya shiga wata ƙungiya ta masu sayar da kayan gina jiki ta waya, ya zo mata da kwalba uku na wasu korayen ƙwayoyi.

"Inna, ciyawar teku ce, kelf ake ce mata. Rashin aidin ke kawo maƙoƙo, wannan kuwa cike take da shi. Wata uku wuyanki zai koma kamar na budurwa."

Takardar kwalbar ta ce ɗaya a rana. Gwaggo ta ce ganye ai ba ya kisa, kuma mai maƙoƙon shekara talatin ba sa'ar ƙwaya ɗaya ba ce. Biyu da safe, biyu da yamma. Ni ban tanka ba, don mai taɓa Munzali a gidan nan ya shirya kwana da yunwa.

Kafin wata biyu Gwaggo ta canza. Tana cin tuwo malmala uku amma zane na kwance mata a ƙugu. Ana sanyi tana fifita, gumi na zuba. Zuciyarta na dukan ƙirji kamar ana daka a turmi, faɗa kuwa ko tsintsiya ta faɗi sai ta ji nata. Duk wannan ta daure. Abin da ya karya ta shi ne ranar lallen 'yar wani Alhaji Wakili, da ta ɗora leda a bayan hannun amarya, zaren ya fito a karkace kamar sawun tsutsa. Ta goge ta sake, ya sake karkacewa. Uwar amarya ta yi mata sannu, ta aika aka kira Fanna.

Fanna tsohuwar ɗalibarta ce da ta buɗe nata wurin a bayan layinmu. Shi ke nan, Gwaggo ta sami mai laifi. Ta tuna Fanna ta taɓa aron tabarmarta, ta tuna ta riƙe mata hannu a wani suna fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Ta je har ƙofar gidan matar, a gaban masu jiran lalle, ta ce ta kwance abin da ta ɗaura. Kunya ta kusa kashe ni. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka tone bakin zaure ana neman laya. Ƙwayoyin kuwa ta ƙara zuwa shida, wai don ta sami ƙarfin yaƙar sammun.

Sai da numfashinta ya fara sarƙewa ta yarda muka hau mota zuwa asibiti a Nguru. Likitar ta ƙirga bugun jijiyarta, ta shafa wuyan, ta ce ta miƙa hannu, ta ɗora takarda a kai. Takardar ta yi ta karkarwa.

"Baba, akwai abin da kike sha?"

"Babu."

"Ko na gargajiya, ko irin na gina jiki?"

"Na ce miki babu."

Gwaggo ta san sarai. Ta fi son a ce aljanu ne da a ambaci sunan ɗanta. Ni kuwa na gaji, kuma tsoro nake kada ta mutu a hannuna. Na ciro kwalbar da na sato daga ƙarƙashin katifarta na dire a kan tebur. Hararar da Gwaggo ta yi mini har yau ina jin ta.

Aka ɗebi jini, muka dawo bayan kwanaki, likitar ta zaunar da mu. Ta ce a gaban wuya akwai wani ɗan nama, tayirod, da ke amfani da aidin yana haɗa sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. Ƙasarmu nesa take da teku, abincinmu ba shi da aidin sosai, shi ya sa ake sa ɗan kaɗan a gishirin leda. In naman ya daɗe bai samu ba sai ya kumbura, ya yi ƙulle-ƙulle a ciki, wasunsu su daina jin umarnin jiki. To a kansu Gwaggo ta kwarara aidin, ninkin abin da mutum ke buƙata sau da yawa, suka yi ta aiki ba birki. Ta ce wasu mutanen kuma yawan aidin ɗin dakushe musu naman yake yi, su yi ta kasala da jin sanyi. Tsohon maƙoƙo mai ƙulli irin nata ba ya narkewa da ƙwaya.

"Wato ku ku sayar mini da naku," in ji Gwaggo.

"Ki daina wancan tukuna, Baba. Ga magani biyu, ɗaya zai rage gudun zuciyar, ɗaya zai rage aikin naman. Za ki riƙa dawowa gwajin jini."

"Hannuna fa?"

"Zai lafa in Allah ya so, amma ba yau ba, ba gobe ba."

Munzali ya zo ya durƙusa yana kuka, ya ce wallahi alheri ya nufa, kuma na yarda. Gwaggo ta ce laifin masu kamfanin ne da suka yaudari yaro. Fanna kuwa ba ta sami ban-haƙuri ba, sai dai kwanon dambun kifi da aka aike ni da shi ba saƙo. Ta karɓa ta ce a gaishe da Malama.

Bukukuwan bayan girbi duk suka wuce ba wanda ya yi sallama a zaurenmu. Wata huɗu Gwaggo na shan maganin tana ƙorafi, jikinta ya fara dawowa, maƙoƙon yana nan inda yake. Wata rana bayan la'asar ta kwaɓa lalle, ta ce in rufe ƙofa, ta jawo hannuna ta ɗora a cinyarta. Ta ja zare ɗaya daga yatsa zuwa wuyan hannu. Ya tafi daidai, sai can kusa da ƙarshe ya ɗan goce, gocewar da ba amaryar da za ta lura.

"Gwaggo, ya miƙe! Wallahi kamar da."

Ta kai hannun kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Ƙarya kike yi, tausayina kike ji. Miƙo ɗayan."