Harajin Hajiya Aliya Mai Atamfa

Hajiya Aliya, Allah Ya jiƙanta, ta shekara talatin tana sayar da atamfa a kasuwar Jega, kuma ba ta taɓa yarda cewa wani ya fi ta ciniki ba. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi, wani baƙo ya tambaye ta cinikinta na shekara. Ta zaci wakilin dilolin Kano ne, sai ta ninka adadin sau uku. Ashe ma'aikacin haraji ne.

Da takardar harajin ta iso, ta kira Mufida, ɗiyar ƙanenta, mai aikin akanta.

"Gwaggo, ba ki da littafin ciniki, shi ya sa suka ƙiyasta ribarki daga maganarki. Sun cire rangwamenki da na ɗiya huɗu, sannan suka yanka wa sauran haraji."

"Tara na haifa. Biyar ɗin gwamna ke ciyar da su?"

"Huɗu doka ta sani. Amma kina da kwana talatin ki rubuta ƙorafi, ki faɗi cinikinki na gaskiya."

Hajiya ta dubi maƙwabtanta na kasuwa, waɗanda suka kasa kunne.

"Rage murya, ɗiyata. Ƙiyasin nan ma sun rage mini."

Ta biya duka, ta sayar da tumaki biyu a ɓoye.