Madam Ihsan Ta Juya Shafi

Shekara talatin Madam Ihsan tana ofishinmu na lauyoyi a Iskandariyya. Takarda ba ta tafiya kotu sai ta binciki kowane hukuncin da aka kafa hujja da shi: akwai shi kuwa, ba a sauya shi ba, kuma abin da ya faɗa ke nan? Ko gaisuwa ba ta amsawa sai ta gama.

Ran nan maigidanmu Fikri ya shigo da wani hukunci da ya kafa hujja da shi, yana washe baki. "Ihsan, kamar don mu aka rubuta shi!"

Ta juya shafi. "Ustaz, maganar mai ɗaukaka ƙara ka kwafo. Amsar kotu tana nan ƙasa."

"Me ta ce?"

"Ta ce maganar ba ta da tushe."

Ta miƙa masa jan biro don ya soke hujjar.