Biyar ɗin da Gwaggo ba ta ƙara ba

Gwaggo Allura ƙanwar babana ce, kuma ba don ɗinki kawai ake kiranta Allura ba. Maganarta siririya ce, sai ka isa gida za ka ji inda ta soke ka.

Ita da mijinta suka kafa shagon kekunan ɗinki da ke bakin kasuwa. Shi ke gyara, ita ke odar kaya daga waje, tana zaune a kan wata kujerar katako mai guntuwar ƙafa da suka tokare da murfin gwangwani. Da mijin ya rasu, ba a gama karɓar gaisuwa ba ƙaninsa ya canza kwaɗon shago. Ɗan Kwalisa muke ce masa, mutumin da zai fesa turare ya je sayen gawayi. A gaban 'yan kasuwa ya wurgo mata kujerar waje, ya ce, "Yaya, je ki huta. Mace ina ta san kan lissafin dala?"

Wallahi ranar na so in yage masa riga. Gwaggo ta ɗauki kujerarta kawai ta ce, "To, ƙanina."

Ta koma ɗinki a ɗakinta. A hankali ta tara teloli suka yi ƙungiya, har ta zama mai yi musu sayayya. Shi kuwa yana ta cin shagon, kayan kanta na raguwa, tumbinsa na ƙaruwa.

Shekarar da aka fara raɗe-raɗin za a karya darajar kuɗinmu, ƙungiya ta tashi sayen kekuna cikin kwantena, odar da ta ninka abin da ya rage a shagon sau ashirin. Ina jin Gwaggo ta ce Ɗan Kwalisa za ta ba odar, na ce, "Haba Gwaggo! Wannan ɓarawon?"

Ta ce, "Ɗauko mayafinki ki raka ni."

Ya tarbe mu da washe baki. Ta matse shi har ya yarda da ribar biyu a kan kowace ɗari. Kamfanin waje zai ba shi kayan, ya biya da dala in sun iso. Sai ya tuna raɗe-raɗin, ya gyara zama.

"Yaya, in kuɗinmu ya faɗi fa?"

"Faɗi abin da kake so."

"Ko nawa ya faɗi cikin ɗari, ki ƙara min daidai shi."

Ta sa ya maimaita a gaban shaidu, aka sa hannu.

A hanya ina ta cika ina batsewa. Ta ce, "Ke, rage hucin nan. A ce ɗarinmu na sayen dala goma. In ya faɗi da kashi ashirin, nawa zai saya?"

"Takwas."

"Kamfani kuma goma yake so. Dala ɗaya da take goma ta koma sha biyu da rabi. Dala goman nawa ke nan a kuɗinmu?"

Na tsaya cak a tsakiyar titi. "Ɗari da ashirin da biyar!"

"Faɗuwar daga goma ake auna ta, biyu cikin goma. Hawan kuwa daga takwas zai taso, biyu cikin takwas, rubu'i ke nan. Shi ya roƙi ashirin da bakinsa."

Na ce in kuɗin bai faɗi ba fa? Ta ce to teloli sun sami keke da araha, me ta rasa?

Kuɗin kuwa ya faɗi, kashi ashirin cif, kafin kwantena ta iso. Gwaggo ta biya har da ƙarin, ko sisi ba ta rage ba: ɗari da ashirin da biyu da 'yan kai a kan kowace ɗari. Da ya je wurin 'yan canji suka ce ɗari da ashirin da biyar. An ce har rantsuwa ya yi cutarsa suke, ya zaga teburi uku, duk bakinsu ɗaya. Giɓin ƙarami ne a ɗari guda, amma a kwantena ya haɗiye fiye da rabin jarinsa, ga kamfani na ta kira.

Ya zo gidan Gwaggo ba turare, ya durƙusa kusa da kekenta.

"Yaya, ki dubi zumunci. Ki cika min biyar ɗin nan, ƙarin ya zama ashirin da biyar maimakon ashirin."

Ba ta daina taka keke ba. Ta ce, "Ni mace, ina na san kan lissafin dala? Abin da ka faɗa na bi."

Kai, ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba, kuma ba na neman afuwar kowa.

Dole ya sa shagon a kasuwa, ita ta saya. Ranar da aka ba ta makulli ta hana a share, ta hana a shigo da komai. Ta sa na ɗauko kujerar nan, ta ajiye ta daidai inda ƙafafunta suka bar alama a siminti. Ta zauna, kujerar ta yi gefe. Mijinta ne kullum yake durƙusawa ya gyara mata tokarin. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Nemo min murfin gwangwani."