Yabon da Ba Ƙasa a Jikinsa

Malam Awaisu na garin Ƙarfi shekara ashirin da shida ya yi yana duba auduga a kasuwar auduga ta Funtua. Aikinsa ba mai yawa ba ne a ido. Manomi ya kawo buhu, shi kuma ya tura hannu har gwiwa, ya ɗan laluba, sannan ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu. Saman buhu kullum fari ne tas. Abin da ake nema yana can ciki: danshi, tsakuwa, ko ragowar ta bara. Ba ya faɗa da kowa. In ya taɓo abin da bai dace ba, sai ya zaro hannu ya ce, "Koma da ita ta ƙara shan rana." Mai buhu ya san abin da ake nufi.

Da auduga ta ja baya, ya dawo gida ya kama gonar mahaifinsu, masara da dawa da ɗan wake a tsakani. Idonsa ya yi rauni, har ƙananan rubutu sai an karanta masa, amma kunnen bai taɓu ba. Matarsa Mero takan ce ko tukunya ce ta tsage yakan ji kafin ta fara yoyo.

A shekarar da ake magana, ruwa ya yi jinkiri. Watan shida ya kusa fita ba a yi shuka ba. Wanda ya shuka masarar da aka saba, mai wata huɗu, ruwa zai ɗauke ya bar ta da goyo ba ƙwaya. Don haka kowa na neman iri mai saurin nuna, kuma a shagunan Malumfashi ya ƙare.

Mahadi, ɗan ƙanen Malam Awaisu, shi ne sakataren ƙungiyar manoman unguwarsu, gida goma sha biyu. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, mai zafin nema, kuma waya ba ta barin hannunsa. Shi ya zo da labari wata ranar Laraba da hantsi, ya tarar da Malam Awaisu a ƙofar gida tare da maƙwabcinsa Adam, wanda suka yi makarantar firamare tare, Adam yana zuwa coci, Malam Awaisu yana zuwa masallaci, suna tsokanar juna tun wancan lokacin.

"Baba, an samu iri," in ji Mahadi. "Wani kamfani ne a Facebook. Kwana tamanin ta nuna. Mutum sama da ɗari biyu sun yi sharhi a ƙasan tallar, ba wanda ya kushe."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"To karanto mini."

Mahadi ya karanta. Na farko ya ce irin yana da inganci matuƙa, ya girbe masararsa cikin farin ciki, yana ba kowane manomi shawara ya gwada. Na biyu ya ce irin ya sauya rayuwar iyalinsa, ya girbe amfani mai albarka, yana godiya ga kamfanin bisa jajircewarsa. Na uku mace ce, ta ce tun da take noma ba ta ga irinsa ba, inganci da aminci sun haɗu wuri ɗaya. Malam Awaisu ya rufe ido yana saurare har aka kai na goma sha biyar.

"Duk 'yan gida ɗaya ne?" ya tambaya.

"Haba Baba. Wannan Bakori, wannan Zariya, wannan Gombe."

"Numfashinsu ɗaya. Inda wannan ya tsaya nan wancan ke tsayawa."

Adam ya yi dariya. "Ka ji tsohon malamin auduga. Yanzu numfashi yake aunawa."

"Kai dai ka yi shiru, mai gonar ƙuduji." Ya juya wajen Mahadi. "A cikinsu wa ya faɗi ranar da ya shuka? Wa ya ce gonarsa jigawa ce ko laka? Wa ya ce tsutsa ta shigar masa, ko taki bai ishe shi ba?"

Mahadi ya yi ta jan rubutun da yatsa. Babu.

"Baba, a zamanin nan wa zai hau waya ya faɗi gonarsa da yawan buhunsa? Ka san abin da ke bin mutane har gida."

Dukansu sun san gonakin da ke bayan tsauni waɗanda shekara uku ke nan ba a taka su ba.

"Gaskiya ne," in ji Malam Awaisu. "Manomi na ɓoye buhu. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɓoye kuka ba. Ka tambayi Adam yaya gona, ko rumbu ya cika har ya tsage, zai ce maka ruwan ƙarshe ne ya cuce shi."

"Ai ya cuce nin," in ji Adam.

"Sa'annan duk sun *girbe*. Mahadi, masara girbe ta kake yi?"

"Karya ake yi."

"Wake fa? Na ji har na wake ka karanta."

"Roro." Mahadi ya ɗan ɓata rai. "Amma ko a rediyo girbi suke cewa."

"Mai rediyo ba ya cewa gonarsa ce. Mutum ɗaya ya ce girbi, ba komai. Mutum ɗari biyu, ba wanda bakinsa ya kuɓuce ya ce na karya?"

Malam Awaisu ya tambayi Mahadi abin nan na cikin waya da yake sawa ya rubuta masa wasiƙun ƙungiya, wanda ake ce wa AI. Ya ce a sa shi ya rubuta yabon irin masara kamar daga bakin manoma uku. Mahadi ya yi, don dai a wuce wurin. Kafin Adam ya gama gyara zama rubutu ya fito. Da ya fara karantawa muryarsa ta yi ƙasa. Inganci na nan, albarka na nan, shawara ga kowane manomi na nan, kuma duka ukun sun girbe.

"Kama ba ta zama hujja," in ji Mahadi.

"Ba ta zama ba. Nemo mini ɗaya daga cikin masu sharhin mu gaisa."

Mahadi ya buɗe sunaye biyar. Kowanne hoto ɗaya gare shi, ba biki, ba suna, ba ta'aziyya, ba wanda ya taɓa ce masa ina kwana. Kuma sharhin, da aka duba kwanan wata, yawancinsu cikin kwana biyu aka zuba su, a watan uku, lokacin da ba masara a gonar kowa sai 'yan fadama. Malam Awaisu ya sa aka rubuta tambaya a ƙasan tallar: wanda ya shuka a yankin Malumfashi ya faɗi garinsu, muna so mu zo mu ga gona. Amsa ta zo nan take, daga kamfanin, tana gode masa bisa sha'awarsa ga ingantaccen iri. Da la'asar tambayar ta ɓace.

Sai a lokacin Mahadi ya faɗi abin da ya riƙe. Ya riga ya yi odar na gida goma sha biyun. Motar tana hanya.

Irin ya iso tashar Dayi ranar Juma'a a bayan bas, cikin ledoji masu sheƙi, ƙwayar an rina ta ja kamar yadda ake yi wa iri mai magani. Malam Awaisu ya zuba kaɗan a tafin hannu. Wata ƙwayar faffaɗa ce, wata zagayayya, wata ƙarama kamar ta bakin zangarniya. Bai ce komai ba sai, "Ba uwa ɗaya ta haife su ba."

Aka yarda a gwada. Mero ta jiƙa tsohon buhun algarara, aka jera ƙwaya ɗari a ciki aka naɗe aka ajiye bayan randa. Kwana uku da yin haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda zai iya jira. Gari na wayewa gida goma suka fita shuka. Adam ya zauna, ya ce ƙafarsa ke ciwo, ko da yake an gan shi da yamma yana zuba dawa. Malam Awaisu ya sa Mero ta sauko da 'yar masarar nan ƙarama mai saurin nuna da take ratayewa a saman murhu kowace shekara. Rubu'in gona kawai ta isa. Sauran ya ce a bar wa wake.

Ranar da aka kwance buhun, ƙwaya casa'in da ɗaya sun tsira.

Labari ya zaga unguwa. A bakin masallaci wani ya ce Malam ya tura hannu a waya ya taɓo tsakuwa. Mahadi bai yi dariya a gabansa ba, amma ya zo har gida ya nuna masa tsiron.

"Ka gani, Baba."

"Na gani. Masarar tuwo ma in ka jiƙa ta za ta tsira. Buhu ba ya faɗin kwana nawa za ta yi."

Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba. Aka yi noman farko, aka sa taki, gonaki suka yi kore shar, kowa na wucewa yana cewa masha Allah. Shi kuwa duk safiya yakan bi ta gefen gonar Mahadi a hankali, yana shafa kan masarar da hannu, kunya bayan kunya. Mero ta tambaye shi abin da yake nema. Ya ce tsayi yake ji.

A kwana na hamsin tasa 'yar ƙaramar ta fid da kai gaba ɗaya, kamar an yi mata kira. Ta Mahadi, wata ta wuce kan mutum ba alamar kai, wata tana ƙugu, wata ɗaya-ɗaya ta yi gemu. Haka gonar Mansura mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu bara, haka sauran takwas ɗin. A kwana na sittin ba abin da ya sake, sai ganye da ke ta ƙaruwa. Mutane suka daina tsayawa hira da Mahadi a hanya. Gaisuwa kawai, a wuce.

Mahadi ya zo wata safiya ya durƙusa nesa da tabarmar Malam Awaisu, inda bai saba zama ba.

"Lambar kamfanin ba ta shiga. Shafin ya sake suna. Yanzu maganin adana hatsi suke sayarwa."

"An yaba?"

"Mutum ɗari da wani abu. Jiya na ji ana karantawa a tashar Dayi, mutane sun kewaye." Ya ajiye wayar a ƙasa. "Na rubuta abin da ya same mu. Na faɗi rana, na faɗi gona, na sa hoto. Ko awa ɗaya bai yi ba suka cire."

Malam Awaisu ya juya fuska wajen waje. Iskar da ke kaɗawa a ƙofar gidan ba ta da nauyin da ya kamata a ce tana da shi a wannan watan.

"Baba, in na sare rabi na zuba wake, zai yi?"

"Akwai ragowar iri wajen Mero. Ka fara kai wa Mansura nata."

"Amma zai yi?"

Tsohon ya ɗaga kai wajen gabas, duk da ba abin da idonsa ke iya rarrabewa a can.

"In an ƙara ruwa huɗu masu kyau," ya ce. "Je ka ɗauko adda."