Katin Yaya Ya Ƙi Buɗewa

Shekara goma sha biyar ke nan wani mai gyaran waya yana zaune a ƙarƙashin matakalar bene, da fitilarsa da ƙaramin sukundireba. Ba ya yi wa kowa alkawari, sai dai ya gwada a gaban mai waya.

Yayarsa ungozoma ce, an mayar da ita wani asibitin ƙauye da babu sabis, ga jarrabawa saura wata guda. Ta sauke bidiyon darussanta a wayar mijinta, ta zare katin ajiyar ta sa a tata, ko ɗaya bai buɗe ba. Sai ta kawo masa wayoyin biyu.

"Auta, kai da ake ce wa gwani, buɗe min su."

"Yaya, akwati kika ɗauko kika baro makulli. A kulle kamfanin darussan yake turo bidiyon, makullin kuma manhajarsu suke bai wa, a wayar da ta sauke. Ko ni ba na ganinsa."

"To ɗauki hoton allon mana."

Ya kunna bidiyon a wayar mijin, ya ɗauka ya nuna mata, baƙi ƙirin.

"Wasu fa suna fasa irin wannan makullin."

"Ba a teburin nan ba."

Ya sa mata manhajar a wayarta, ta shiga da sunanta, ya danna wajen saukewa darasi bayan darasi. Sannan ya kashe data ya miƙa mata. Ta danna darasi ɗaya, malamar da ke cikin bidiyon ta fara bayani tiryan-tiryan.

"Izinin kallon yana ƙarewa. Duk sati ki nemi sabis ki buɗe manhajar, zai sabunta."

"Ashe kana da amfani," in ji ta.

Ya jawo wayar da ke biye.