Ƙafar Kawu Ila

Kawuna Ila direba ne tun kafin a haife ni, kuma mutum ne mai taurin kai da ba ya zuwa asibiti. Abu ɗaya yake tsoro a duniya: shanyewar jiki, ciwon da ya kwantar da mahaifinsa. Da rawar ƙafa ciwon ya fara wa mahaifin nasa.

Bara Hajiya Magajiya ta Badarawa, wadda yake tuƙawa, ta sauya mota. Ba a yi wata ba Kawu ya rame. A gosulon Kawo, idan ya riƙe motar a hawa da totur kamar yadda ya saba, sai ta kama kakkarwa. Shi kuwa ya ɗauka ƙafarsa ce. Ga jikokin Hajiya a baya, ga tirela tana numfashi a ƙeyarsa. Hankalinsa ya tashi, ya daina cin abinci.

Ni na ja shi, da masifa, zuwa garejin Ishaya a Mando, don a duba ko motar ce.

Ishaya ya zagaya da motar, ya dawo yana dariya. “Baba, kai kake dafa ta. Tsohuwar motarku kwambata gare ta, mai ne ke juyawa a ciki ya tura motar, shi ya sa take haƙuri da riƙon totur. Wannan ba ta da shi. Kuloci biyu ne a cikinta, kwamfuta ke taka su. Ɗaya na giya ta ɗaya, ta uku, ta biyar, ɗayan na ta biyu, ta huɗu, ta shida. Kana tafiya a ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira. Wannan kulocin na saki, wancan na kamawa, shi ya sa canjin yake kamar ƙiftawar ido. Amma ka tsaya a hawa da totur, kulocin gogawa yake ta yi har ya yi zafi, mota ta kama rawa. Birki za ka taka.”

Kawu ya yi ajiyar zuciya, har da hamdala. Ni ma na ji sanyi a raina, na fara tsokanarsa.

Sai Kawu ya ce wa Ishaya, “To, ɗana, rawar da take yi a hanyar Zariya fa, ina cikin gudu?”

Ishaya ya daina dariya. “A gudu? Baba, a gudu kulocin a kame yake. Na taka ta sosai yanzu, lafiyarta ƙalau.”

Kawu ya zauna a benci. Motar tana can a kashe. Na dubi ƙafarsa ta dama: rawa take yi ita kaɗai, har silifas ɗinsa yana buga ƙasa.

Ya zaro makullin daga aljihu ya miƙo mini, bai dube ni ba.

“Nafisa, kira Hajiya. Ki ce ta nemi wanda zai ɗauko yaran daga makaranta.”