Hoton Inna Zulai'atu

Yusha'u mai hoto ya shekara ashirin a shagonsa na Yelwa. Bayan kwalekwale ya kife da innarmu Zulai'atu kusa da Wara ta rasu, na kai masa hotuna biyu. Nawa na bikin kammala jami'a daga sabuwar waya yake, nata kuwa ƙarami ne, daga tsohuwar wayar ƙanenta. Ba mu da hoto tare.

Na ce ya ja nata ya cike tsawon nawa. Ya ja, fuskarta ta zama ta wata mace.

"A'a, ɗana," in ji shi.

Sai ya fara ƙara girman hotonta, tsawo da faɗi daidai, ya rage kaifin nawa, sannan ya haɗa. Fuskarta ta fito dishi-dishi, amma Inna ce.